Hannu Ya Aikata, To Zuciya Fa?

Wai don Allah wane irin karatu muke ba yaran nan? Yaro ya shiga shekararsa ta farko a karatun lauya, tun bai gama sanin hanyar ɗakin karatu ba an ɗura masa kalmomin Latin biyu, aktus riyus da mens riya, an ce ya haddace, ya haddace, ya zazzage su a takardar jarrabawa, an ba shi maki, kowa ya watse. To tsayar da shi a bakin hanya ka tambaye shi: mutum ya fito daga masallacin Juma'a, ya zura takalmin wani ya tafi gida da shi, ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba? Sai ya hau sosa ƙeya. Karatun aku kenan. Kuma ban ga laifin yaron ba, laifin namu ne da muka mayar da abin da kakarsa ma ta sani ya koma wani dodo mai magana da harshen matattu.

Kai ɗalibi, ke ɗaliba, ku saurara, maganar ba ta da wani tsawo. Kafin kotu ta ce mutum ya yi laifi, tambaya biyu take yi, kuma kowace da ƙafarta take tsaye. Ta farko: me ya aikata wanda doka ta hana? Wannan shi ne aktus riyus, abin da ido zai iya gani, hannun da ya ɗauka, sandar da ta sauka, ran da ya fita. Ta biyu: a lokacin da yake aikatawa, me ke cikin ransa? Ya yi nufi? Ya sani? Ya ga haɗarin ya yi ko oho? Wannan shi ne mens riya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mai gabatar da ƙara ya kawo ɗaya ya kasa kawo ɗaya, a mafi yawan manyan laifuffuka ƙararsa ta faɗi.

Mu koma kan takalmin nan. Dokar Final Kod, wadda aka kafa wa Arewa a 1959 ta fara aiki a 1960, ta fayyace sata a sashe na 286. Wasu jihohin, irin su Kaduna a 2017, sun sabunta tasu har lambobin sassan suka sauya, don haka kowa ya duba ta jiharsa, amma ginin ɗaya ne. Ɓangaren aiki shi ne ka gusar da wani kaya mai ɗaukuwa daga hannun mai shi ba da yardarsa ba. Lura da kyau, gusarwa kawai. Ba sai ka kai shi gida ba, ba sai ka sayar ba, da ka janye shi daga inda yake domin ka tafi da shi aiki ya cika. Ɓangaren zuciya kuwa shi ne ka yi hakan da nufin cuta, wato ka ci abin da ba naka ba ko ka jawo wa mai shi asara.

To ga mutum biyu sun fito daga masallaci ɗaya. Na farko ya ga baƙin takalmi irin nasa sak, lamba ɗaya, har ɗinkin gefe iri ɗaya, ya zura ya tafi yana lazimi. Na biyu ya zo da silifa duk ta cinye, ya ƙyalla ido ya ga sabon takalmi, ya waiga dama ya waiga hagu, ya zura ya bar silifarsa a wurin. Da za a ɗauke su a hoto, abu ɗaya za ka gani: ƙafa ta shiga takalmin wani ta fita da shi. Aikin ɗaya ne. Amma ɗaya ne kaɗai ɓarawo. Na farkon ya yi aikin, zuciyar laifin ce babu.

Juya ta kuma. Wani ya shigo da ƙudurin yau sai ya saci takalmi, cikin turmutsitsi ya suri wani ya ruga, yana isa lungu sai ya ga nasa ne. Muguwar niyya fal, amma sata ba ta auku ba, domin ba a satar abin da yake naka kuma yake hannunka. Ko za a kira abin da ya yi yunƙuri, wannan wata muhawara ce ta daban. Wanda kuwa ya kwana yana saƙa yadda zai yi sata bai ko motsa daga shimfiɗarsa ba, ba ruwan kotu da shi. Kotu ba ta hukunta saƙe-saƙen zuci.

Shi aikin ma da sharaɗinsa, kuma a nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Dole ya zama aikinka ne, da ikonka. A kasuwa wani ya hankaɗa ka daga baya, ka faɗa kan farantin mai tallan ƙwai, ƙwai ya tarwatse. Jikinka ne ya fasa, amma ba kai ka aikata ba, wanda ya hankaɗa ka ya yi amfani da kai. Ba ma sai an je ga tambayar me ke ranka ba, tun a tambayar farko magana ta ƙare.

Wannan duka mai sauƙi ne, domin takalmi ne. Inda raina yake ɓaci shi ne inda aka zubar da jini, domin a nan ne mu duka, masu karatu da marasa karatu, muke ajiye hankalinmu a gefe.

Direban tifa ya take yaro a bakin kasuwa. Yaro ya rasu. Kun san abin da ke biyo baya, ba sai na faɗa ba: ihu, duwatsu, wani ya ruga neman fetur, direba in ya yi sa'a ya tsere ofishin 'yan sanda da kai a fashe. Ba wanda ya tsaya ya tambayi komai. An ga gawa, an ga mota, shari'a ta ƙare. To ɗalibi, kai aikinka shi ne ka zama mutumin da zai tsaya ya tambaya. Gawar nan ɗaya tana iya zama abu huɗu mabambanta a gaban alƙali, kuma abin da ke raba su duka yana cikin kan direban.

A ce yana tafiya a hankali, a hannunsa, birkinsa lafiya lau, idonsa na kan titi, sai yaro ya ɓullo a guje daga bayan wata mota da ke tsaye, taku biyu tsakaninsu. Ya taka birki, bai yi amfani ba. Aiki ya auku, motarsa ce ta kashe. Amma sashe na 48 ya ce abin da ya faru bisa tsautsayi, alhali mutum yana yin halastaccen aiki ta halastacciyar hanya da cikakkiyar kula, ba laifi ba ne. Ba a ce ƙaramin laifi ba. Ba laifi ba ne sam.

A ce kuma tun makon jiya bakanike ya gaya masa birkin nan ya mutu, sai an taka sau biyu sau uku kafin ya kama, shi kuma ya ce bari a yi lodi ɗaya tukuna. Ya shigo bakin kasuwa a guje, waya a kunne. Bai so yaron ya mutu ba, bai ma san shi ba, wataƙila shi ya fi kowa kuka a wurin. Duk da haka ganganci da sakaci su ma nau'i ne na zuciyar laifi. Wannan kisa ne da doka ke hukuntawa, sai dai ba na hukuncin kisa ba, sashe na 224 ya ba alƙali damar ɗauri, mai tsawo ko gajere, ko tara, gwargwadon munin abin.

Na uku, 'yan kasuwa sun cika titi sun hana shi wucewa, ya fusata, ya taka totur ya kutsa cikinsu da tifa cike da yashi. Gobe a kotu zai rantse cewa shi dai so ya yi su watse, bai nufi kashe kowa ba. Ƙila ma gaskiya ya faɗa. Ba za ta cece shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sashe na 221 bai tsaya ga mai nufin kisa kaɗai ba, ya haɗa da wanda ya sani, ko yake da dalilin sanin, cewa mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo bayan aikinsa. Na huɗu kuwa shi ne wanda ya hango abokin gabarsa a gefen titi ya karkatar da sitiyari ya nufe shi. Ko da mutumin ya yi tsalle ya kauce, motar ta take yaron da ke bayansa, doka za ta ɗauki niyyar nan ta ɗora a kan wanda ya mutu. Waɗannan biyun hukuncinsu kisa ne.

Ka gani? Daga a sallame shi ya tafi gida har zuwa igiya, alhali mota ɗaya ce, titi ɗaya, gawa ɗaya. Shin akwai abin da ya cancanci a zauna a koyar da shi a natse kamar wannan? Amma sai mu karanta wa yara shi daga takarda cikin minti goma mu wuce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne munafuncin da ke ciki. Waɗannan masu jifan, wa ya ce ba su san bambancin ba? Sun sani sarai. Tun a makarantar zaure an karantar da mu kisan ganganci da kisan kuskure, Suratun Nisa'i ta raba su a ayoyi biyu a jere, na kuskure diyya ce da kaffara, ba ƙisasi ba. Malaman Malikiyya da muke bi sun yi bayaninsa dalla-dalla, raƙuma 100, dangi su taru su biya. Ranar da ɗanka ne a kan sitiyari, kai ne za ka fi kowa iya cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ranar da ɗan wani ne, sai ka nemi dutse. Kuma bari in gaya maka abin da ba ka son ji: a wurin nan, mai yiwuwa direban ba shi da komai sai aiki, amma kai da ka ɗaga dutse ka saita kansa kana cewa a kashe shi, ka haɗa biyun cif. Kai ne cikakken misalin da ɗalibi yake nema.

Za ka ce, to ta yaya za a san abin da ke zuciyar mutum? Tambaya ce mai kyau, kuma kowane ɗalibi ya kamata ya yi ta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Alƙali ba ya duba, daga abin da ya bayyana yake gano abin da ya ɓuya. A shari'ar direban, akwai sawun birki a kan kwalta ko babu? Tsawonsa nawa? Masu duba lafiyar mota me suka samu da suka kwance birkin? Bakaniken me ya ce? Akwai tsohuwar gaba? A faɗan da aka yi kisa, da me aka buga, kara ko taɓarya? A ina, a ƙafa ko a ka? Sau ɗaya ko an yi ta maimaitawa? Me ya faɗa kafin nan, me ya yi bayan nan, ya kai shi asibiti ko ya ɓoye makamin a masai? Mutumin da ya soka wa wani wuƙa a ƙirji sau biyar ba ya buƙatar ya furta cewa kisa ya nufa. Wuƙar ta faɗa.

Wannan aiki ne, aiki mai gajiyarwa. Shi ya sa malalacin mai bincike yake bin gajeriyar hanya: ya rufe mutum a ɗaki ya jibge shi har sai ya ce e, da gangan na yi, ya sa hannu. Wai ya samo niyya kenan, da kulki. Alhali dokar shaida ta 2011 a sashe na 29 ta ce iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ba a karɓarsa, kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta mayar da azabtarwa laifi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Mai gabatar da ƙara shi zai tabbatar da aikin, shi zai tabbatar da zuciyar, har ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Ba wanda ake tuhuma ne zai wanke kansa ba. Sau nawa za a maimaita wannan?

Kada kuma ɗalibi ya zaci kullum zuciyar ce take ɓacewa. Wani lokaci niyya tana nan baƙa ƙirin, aikin ne yake yankewa a hanya. A Ingila, a 1910, an yi shari'ar wani mutum mai suna White, wanda ya zuba wa mahaifiyarsa guba a abin sha yana son ta mutu. Aka same ta a mace, ga kofin a gefenta. Kowa zai ce magana ta ƙare, ga niyya ga gawa. Da likitoci suka duba sai suka ce ciwon zuciya ne ya kashe ta, ba gubar ba. Kisa laifi ne da sai sakamako ya auku, kuma dole a nuna cewa aikinka ne ya haifar da shi. Tambayar da ake yi mai sauƙi ce: da bai zuba gubar ba, da ta mutu a daren nan? Da ta mutu. To bai kashe ta ba. Kotu ta kama shi da yunƙurin kisa, kuma ta ɗaure shi a kai, amma ba ta ɗora masa mutuwar da ba shi ya jawo ba don kawai shi mugu ne. Mugunta ba ta cike gurbin hujja.

Akwai wani ruɗanin da nake ji har a bakin manya, masu haɗa niyya da dalili. Ai don alheri na yi. Ai yunwa ce ta sa ya ɗauka. Ai tarbiyya nake ba shi. Niyya ita ce abin da ka nufa ya faru, dalili shi ne abin da ya tura ka. Wanda ya ɗebi buhun hatsi a rumbun maƙwabci don ya ciyar da marayu ya nufi raba mai hatsi da hatsinsa, sata ta tabbata. Marayun za su yi masa amfani a lokacin da alƙali yake auna hukunci, yana iya sassauta masa ƙwarai. Amma ba sa goge laifin. Ɗalibin da ya rubuta cewa babu zuciyar laifi saboda mutumin kirki ne, ya nuna bai fahimci darasin ba tun daga tushe.

Saura abu ɗaya, wanda galibi ake tsallakewa ko a ambace shi a layi guda: aiki da zuciya dole su haɗu a lokaci ɗaya. Mutuminmu na farko da ya tafi da takalmi bisa kuskure, a ce ya isa gida ya lura ba nasa ba ne, ya ga ya fi nasa kyau, ya ce Allah ne ya ba shi. Lokacin da ya ɗauka zuciyarsa fara tas, lokacin da ta ɓaci ɗaukar ta riga ta wuce. Don haka ba sata ba ce a ma'anar sashe na 286. Amma kada ya yi murna, sashe na 308 yana jiransa, wanda ya yi magana a kan mayar da kayan wani naka da nufin cuta. A nan aikin shi ne riƙewar, kuma ita ta zo tare da niyyar.

Masu wayo sun gwada fakewa da wannan ƙa'ida. A ƙasar da yau ake kira Lesotho, Thabo Meli da abokansa sun shirya kashe wani mutum. Suka kai shi wata bukka, suka ba shi giya, suka buge shi a ka. Da suka ɗauka ya mutu, sai suka mirgina shi daga kan wani tudu don a ce haɗari ne. Ashe da sauran ransa, sanyin da ya kwana a ciki a ƙasan tudun ne ya ƙarasa shi. Lauyoyinsu suka ce: lokacin bugu akwai niyya amma bai mutu ba, lokacin jefarwa ya mutu amma babu niyyar kisa, tunda gawa suke zaton sun jefar. A 1954 kotun ƙarshe da ke sauraren ƙararrakin ƙasashen da Ingila ke mulka ta yi watsi da wannan. Ta ce shiri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba za a yanyanka shi gunduwa-gunduwa don a ba masu kisa ƙofar fita ba. Daidai kenan. An kafa ƙa'idar don ta kare wanda bai nufi sharri ba, ba don wanda ya shirya kisa ya kuma cim ma burinsa ba.

Gaskiya ne akwai ƙananan laifuffukan da doka ba ta damu da zuciyarka ba, yawanci na ƙa'idojin hanya da na tsabtar abinci da magunguna. Lasisinka ya ƙare ka hau titi, mantuwa ba ta fisshe ka. Amma waɗannan togaciya ce, kuma lafazin sashen ne yake nuna su. Shi ya sa nake roƙonku, 'yan shekarar farko, ku daina dogara da 'yar takardar da aka sayar muku. Ku buɗe dokar kanta, ku ɗauki biro, ku ja layi ɗaya a ƙarƙashin kalmomin da ke nuna aiki, layi biyu a ƙarƙashin waɗanda ke nuna zuciya, irin su da nufin, yana sane, da ganganci, da sakaci. Sannan ku ɗauko labarin da aka ba ku ku nemo wa kowane layi hujjarsa. Wanda ya rasa hujja, nan ƙarar ta karye.

Domin in ba ku koya ba, ga abin da ke faruwa, kuma yana faruwa. Direban nan na farko, mai lafiyayyen birki, wanda doka ta ce bai yi laifin komai ba, mai rubuta tuhuma ya ga an mutu sai kawai ya rubuta sashe na 221. A kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin sauraren shari'ar kisa, ita kuma ta tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Beli a irin wannan tuhuma sai babbar kotu, shi kuma ba shi da kuɗin lauya. Fayil ya kwanta a kan tebur. Tifar tana ruɓewa a harabar ofis, ba wanda ya kwance birkinta ya duba, sawun tayar da ke kan kwalta ruwan sama ya wanke shi tun makon farko. Matarsa ta sayar da gado da katifa, 'ya'yansa sun bar makaranta, shi kuma yana can yana ƙirga watanni, saboda wani da ya ci jarrabawar nan da maki mai kyau bai taɓa tambayar me ke cikin ran mutumin ba a lokacin da yaron ya ɓullo.